Yadda ake daidaita karkatattun alƙaluma da logaritim: misali daga kuɗin albasa

A ɗauki manoman albasa 11 daga gari ɗaya a jihar Tawa, a ce wajen Galmi ko Madawa, a tambayi kowane nawa ya samu daga sayar da albasar bana. Lambobin da ke ƙasa an tsara su ne don koyo, ba daga wani bincike aka ciro su ba, amma duk wanda ya taɓa cika takardun tambayoyi a karkara zai gane siffarsu. An rubuta su da jika, wato dubu ɗaya na sefa:

10, 25, 40, 60, 80, 100, 130, 170, 240, 420, 900

Idan ka tara su za ka samu 2175. Raba gida 11, matsakaici ya fito 198. To duba jerin kuma: mutum 8 cikin 11 ba su kai 198 ba. Wanda ke tsakiyar jeri daidai, mai mutum biyar a ƙasansa da biyar a samansa, jika 100 ya samu. Mai jika 900 shi kaɗai ya janye matsakaicin ya kai shi inda yawancin mutane ba su taka ba. Daga lambar tsakiya zuwa mafi ƙanƙanta tazarar 90 ce, daga ita zuwa mafi girma kuwa 800. Wannan shi ake kira karkata zuwa dama: jama'a sun cunkushe a ƙasa, ƴan kaɗan sun miƙa doguwar wutsiya sama, kamar mangalar da aka cika gefe ɗaya da ƙasa aka bar ɗayan da ƙaiƙayi.

Abin ya fi muni idan aka lissafa ma'aunin warwatsuwa, wato lambar da ke faɗin nisan da alƙaluma suka saba yi daga matsakaicinsu. A nan 261 ce. An saba rubuta sakamako a ce matsakaici a ƙara ko a rage wannan lamba, sai ka samu daga −63 zuwa 459. Babu manomin da ya sayar da albasar jika −63. Duk lokacin da kake auna abin da ba ya sauka ƙasa da sifili, kuma ma'aunin warwatsuwarsa ya wuce rabin matsakaicinsa, ka sa a ranka alƙaluman a karkace suke tun kafin ka zana komai.

Daga ina karkatar take fitowa

Kuɗin da manomi ya samu ba tarawa ba ce ta abubuwa, ninkawa ce. Faɗin gona, sau buhunan da kowace eka ta ba da, sau kason da ya tsira daga ruɓewa a cikin rudu, sau farashin buhu a ranar da aka sayar. Wanda ya samu ruwa isasshe ba ƙarin buhu goma ake ba shi ba, amfaninsa ne ke ƙaruwa da kashi kaza cikin ɗari, ko gonarsa ƙarama ce ko babba. Haka farashi: wanda ya iya riƙe kayansa har albasa ta yi ƙaranci a kasuwa, kowane buhu nasa ne ya ƙara daraja, don haka mai buhu ɗari ya fi mai buhu biyar cin gajiyar tashin nesa ba kusa ba.

Ga hanya mai sauƙi ta ganin abin da ninkawa ke yi. A ba mutum 16 jika 100 kowane, a bi da su matakai huɗu. A kowane mataki a jefa kwabo: idan ya faɗi ta wannan fuska a ninka kuɗin mutum sau biyu, idan ta waccan a raba shi biyu. Hanyoyi 16 ne kwabon zai iya faɗuwa a jifa huɗu, a ce kowane mutum ya bi hanya ɗaya. Mutum ɗaya ya yi asara sau huɗu, ya koma 6.25. Mutum huɗu sun koma 25. Mutum shida sun ci biyu sun faɗi biyu, suna nan a 100. Mutum huɗu sun kai 400, mutum ɗaya ya kai 1600. Sa'a ba ta nuna son kai ba, ci da faɗuwa daidai suke, amma dubi sakamakon: mafi rashin sa'a ya sauka da kusan 94 kawai, mafi sa'a ya hau da 1500. Matsakaicinsu 244, alhali mutum 11 cikin 16 ba su wuce 100 ba.

Da a ce a kowane mataki ƙara jika 20 ake yi ko rage jika 20, da sakamakon 20, 60, 100, 140, 180 ne, gefe biyu daidai. Tarawa tana ba da siffar ƙararrawa, mai tudu a tsakiya da gangara iri ɗaya hagu da dama, wadda masu ƙididdiga ke kira rabon nomal. Ninkawa tana ba da doguwar wutsiya. Dalilin a fili yake: abu in ana raba shi biyu yana ta matsowa kusa da sifili amma ba ya tsallake shi, don haka ƙasa akwai katanga, sama kuwa babu rufi.

Yanzu logaritim. Logaritim mai tushe 10 na wata lamba shi ne amsar tambayar: sau nawa za a ninka goma da kanta kafin a kai wannan lamba? Na 10 shi ne 1, na 100 shi ne 2, na 1000 shi ne 3. Lambobin da ke tsakani suna samun ɓarɓashi: na 2 kusan 0.30 ne, na 5 kusan 0.70. Dokar da komai ya rataya a kanta ita ce wannan:

```
log(a × b) = log(a) + log(b)
```

Ninkawa ta koma tarawa. Don wannan John Napier ya fito da logaritim a 1614, domin a sauƙaƙa wa masu lissafin taurari doguwar ninkawa, kuma ita ce dai ke yi mana aiki a nan. Ninka sau biyu ya zama ƙara 0.30, raba biyu ya zama rage 0.30. Ɗauki logaritim na mutanen nan 16: 0.80, 1.40, 2.00, 2.60, 3.20. Tazarar kowane da na kusa da shi 0.60 ce cif, kuma yawan mutanen 1, 4, 6, 4, 1. Mangala ta daidaita.

Saboda haka logaritim ba dabarar ɓoye masu kuɗi ba ce. Ya canza ma'auni ne daga "nawa aka ƙara" zuwa "sau nawa aka ninka". A wannan ma'auni tafiya daga jika 10 zuwa 100 daidai take da tafiya daga 100 zuwa 1000, domin kowace ninki goma ce. Ƙananan lambobin da suka cunkushe sun samu sarari, manyan da suka yi nisa sun matso. Idan abubuwa da yawa masu zaman kansu ne suka ninku suka haifar da lambar, logaritim ɗinta tarin ƙananan abubuwa ne, kuma tarin irin waɗannan yana kusantar siffar ƙararrawa muddin babu guda ɗaya da ya danne sauran. Abin da logaritim ɗinsa ya bi rabon nomal shi ake kira log-nomal. Francis Galton da Donald McAlister sun bayyana shi a 1879, Robert Gibrat kuma ya yi amfani da shi a 1931 wajen nazarin kuɗin shiga da girman kamfanoni.

Mataki na farko: tsaftace jeri, ka duba siffarsa

Zuba lambobin a Excel daga gida A2 zuwa A12. Yawancin kwamfutocin ofis a Yamai da Tawa Excel ɗinsu na Faransanci ne, don haka sunayen da ke ƙasa na Faransanci ne, kuma inda aka rubuta 0.30 a nan allonka zai nuna 0,30.

```
=MOYENNE(A2:A12)
=MEDIANE(A2:A12)
=ECARTYPE(A2:A12)
=COEFFICIENT.ASYMETRIE(A2:A12)
=MIN(A2:A12)
```

Za ka ga 197.7, da 100, da 261.2, da 2.3, da 10. Ta huɗun ita ce ma'aunin karkata: sifili na nufin gefe biyu daidai, lambar da ke sama da sifili na nufin wutsiya a dama, kuma duk abin da ya wuce 1 karkata ce sosai. Ta biyar kuwa dole ka duba ta kafin ka ci gaba, domin logaritim ba ya karɓar sifili ko abin da ke ƙasa da shi.

Ka kuma raba mafi girma da mafi ƙanƙanta. A nan 900 a raba da 10, ninki 90. Idan wannan bai wuce ninki biyu ko uku ba, kamar nauyin buhunan da ke tsakanin kilo 95 da 120, logaritim ba zai canza siffar ba sai ɗan kaɗan, kuma wahalar fassara sakamakon ba ta da riba. Bar su yadda suke.

Mataki na biyu: ɗauki logaritim

A gida B2 rubuta wannan, ka ja shi har B12:

```
=LOG10(A2)
```

| jika | LOG10 |
|---|---|
| 10 | 1.000 |
| 25 | 1.398 |
| 40 | 1.602 |
| 60 | 1.778 |
| 80 | 1.903 |
| 100 | 2.000 |
| 130 | 2.114 |
| 170 | 2.230 |
| 240 | 2.380 |
| 420 | 2.623 |
| 900 | 2.954 |

Kada ka goge jerin A. Za ka koma gare shi.

Tushen da ka zaɓa ba ya canza siffa ko kaɗan. Logaritim mai tushe e, wata tsayayyar lamba mai kusan 2.718, wanda ake rubutawa LN, shi ne LOG10 sau 2.3026, wato an miƙe ma'aunin ne kawai. LOG10 ya fi sauƙin karantawa da ido, tunda 2.6 nan take ka san tana tsakanin ɗari da dubu. LN kuma shi dokokin lissafi suka fi so, kamar yadda za a gani gaba. Haɗarin yana wajen cakuɗa su. A Excel, LOG ba tare da ƙarin komai ba mai tushe 10 ne. A R kuwa, wata manhajar ƙididdiga, log() mai tushe e ne. Wanda ya ɗauki logaritim da ɗayan ya dawo da ɗayan, amsarsa ta tafi daji. Rubuta tushen a kan jerin tun daga farko.

Haka ma canza jika zuwa sefa ba ya taɓa siffar. Idan da sefa ka rubuta, 10000 maimakon 10, kowace lamba a jerin B za ta ƙaru da 3, tazarar da ke tsakaninsu kuma tana nan yadda take.

Mataki na uku: tabbatar da cewa ya yi aiki

Maimaita lissafin farko a kan B2:B12. Matsakaici 1.998, lambar tsakiya 2.000, ma'aunin warwatsuwa 0.556, ma'aunin karkata −0.07. Matsakaici da lambar tsakiya sun haɗu, karkata ta sauka daga 2.3 zuwa kusan sifili. Daga tsakiya zuwa ƙasa 1.00, daga tsakiya zuwa sama 0.95.

Wannan matakin shi mutane suka fi tsallakewa, alhali shi ne gwajin. Ba kowace karkata ce log-nomal ba. Idan alƙaluman sun kai talatin ko fiye, zana su da sanduna kafin logaritim da bayansa, ka kalla da idonka. Mai amfani da R yana da abin da ya fi sanduna:

```
x <- c(10,25,40,60,80,100,130,170,240,420,900)
qqnorm(log10(x)); qqline(log10(x))
```

Idan ɗigo-ɗigon sun bi miƙaƙƙen layin, logaritim ya dace. Idan sun lanƙwasa sama a ƙarshen dama, wutsiyar ta fi ƙarfin logaritim, har yanzu da sauran karkata. Idan sun zube ƙasa da layin a ƙarshen hagu, an wuce gona da iri: an gyara dama an karkatar da hagu, kuma mai yiwuwa saiwar lamba, RACINE a Excel, wadda ta fi logaritim sauƙin hannu, ita ta dace. Da mutum 11 kawai kada ka tsananta, ƴar lanƙwasa kaɗan sa'a ce ke kawo ta.

Mataki na huɗu: yi lissafi a can, ka dawo da amsa nan

Duk abin da ke buƙatar siffar ƙararrawa a jerin B ake yin sa. Amma ba wanda zai gane "manomi ya samu 1.998", sai an mayar da ita jika:

```
=10^MOYENNE(B2:B12)
=10^ECARTYPE(B2:B12)
```

Ta farko ta ba da kusan 99.6. Wannan ba matsakaicin da aka saba ba ne, matsakaicin ninki ne: lambar da idan kowa ita ya samu, ninka lambobin 11 da juna zai ba da amsa ɗaya da ta asali. Kana iya gwada ta da MOYENNE.GEOMETRIQUE(A2:A12), dole su zo ɗaya. In ba su zo ba, akwai kuskure a jerin B. A alƙaluman log-nomal matsakaicin ninki da lambar tsakiya abu ɗaya suke nufi, shi ya sa 99.6 ta faɗo dab da 100.

Ta biyu ta ba da 3.6, kuma a nan ne ake yawan tuntuɓe. Wannan 3.6 ba jika ba ce, ninki ce. Ba a ƙara ta ba a rage ta, ninkawa ake yi da rabawa. 99.6 a raba da 3.6 ya ba da 28, a ninka ya ba da 358. A rabon nomal kusan kashi 68 cikin ɗari ke faɗawa cikin ma'auni ɗaya hagu da dama. Ƙirga: daga 40 zuwa 240 mutum 7 ne cikin 11, kashi 64. Kwatanta "daga 28 zuwa 358" da "daga −63 zuwa 459" na ɗazu. Na farko ya yi kama da garin, kuma ba zai taɓa sauka ƙasa da sifili ba, tunda duk yadda ka raba lamba ba ta ƙarewa.

Idan mutanen 11 samfuri ne daga babban gari, kana son sanin iyakar da matsakaicin ninki na garin duka zai iya kasancewa a ciki, da amincin kashi 95. Raba 0.556 da saiwar 11, wato 3.317, ka samu 0.168. Ninka da 2.228, lambar t da ake samu a teburin ƙididdiga don samfurin mutum 11, ka samu 0.373. Rage ta daga 1.998 ka kuma ƙara ta: 1.625 da 2.372. Sai yanzu za ka dawo da su, kowace ita kaɗai: 10^1.625 ya ba da 42, 10^2.372 ya ba da 235. Iyakar ba ta zauna daidai a gefen 100 ba, 58 a ƙasa 135 a sama, kuma haka ya kamata. Wanda ya ga haka ya "gyara" ta don ta yi kyau a rahoto ya ɓata aikin. Ka'idar ita ce a gama ƙari da ragi tukuna a ma'aunin logaritim, dawowa ce ta ƙarshe.

Wajen kwatanta garuruwa biyu ma haka ne. A ce matsakaicin LOG10 na wani gari 2.18 ne, na wannan 2.00. Bambancin 0.18. Bambancin logaritim ninki ne idan ya dawo: 10^0.18 ya ba da 1.51. Abin da za ka rubuta shi ne, manomin tsakiya a wancan gari yana samun kusan ninki ɗaya da rabi na abin da takwaransa ke samu a nan, wato ƙarin kashi 51. Masu amfani da LN sun saba karanta bambanci kai tsaye a matsayin kashi cikin ɗari, 0.05 su ce kashi 5. Wannan yana tafiya ne a ƙananan lambobi kawai. Bambancin 0.7 a LN ba kashi 70 ba ne, EXP ne ke dawo da LN, kuma EXP(0,7) ya ba da 2.01, ninki biyu ke nan.

Inda matsakaicin ninki ke yaudara

A ce ƙungiyar manoman tana da mutum 200, kuma asusun bashi yana son sanin jimillar kuɗin da ke shigowa hannunsu a shekara. Idan ka ninka 99.6 da 200 za ka ce kusan miliyan 20 na sefa. Idan ka ninka 198 da 200 za ka ce kusan miliyan 40. Na biyun ne ya amsa tambayar. Jimilla tarawa ce, kuma kuɗin mai jika 900 kuɗi ne na gaske da ke shiga jimillar; matsakaicin ninki kullum yana ƙasa da matsakaicin da aka saba, sai in dukkan lambobin iri ɗaya ne. Tambayar da ake yi ce ke zaɓar ma'auni. "Nawa manomi na tsaka-tsaki ke samu, wane bashi zai iya biya?" ta matsakaicin ninki ce ko lambar tsakiya. "Nawa ke yawo a garin gaba ɗaya?" ta matsakaicin da aka saba ce.

Akwai hanyar dawowa ga matsakaicin da aka saba daga logaritim, amma da LN ake yin ta, kuma sai an ƙara rabin murabba'in ma'aunin warwatsuwa:

```
=EXP(m + s^2/2)
```

A misalinmu m, matsakaicin LN, 4.60 ne, s kuma, ma'aunin warwatsuwar LN, 1.28. Murabba'in s 1.64, rabinsa 0.82, jimla 5.42, amsa kusan 226. Ba ta zo daidai da 198 ba, kuma da mutum 11 ba abin mamaki ba ne: dokar tana ɗauka cewa garin log-nomal ne tsantsa, har da ƴan tsirarun da suka fi mai 900 waɗanda samfurin bai kamo ba. Idan wutsiyar garin ba ta kai haka tsawo ba, dokar za ta zarce. Abin lura shi ne girman gyaran. Mantawa da wannan rabin murabba'in ya rage amsa da fiye da rabi, kuma kuskure ne da ke yawan shiga rahotannin da aka yi hasashe da logaritim sannan aka tara sakamakon.

Sifili, da maganin da ya fi cutar

A jerin gaske za ka samu wanda ruwa ya cinye gonarsa ko albasarsa ta ruɓe, bai sayar da komai ba. LOG10(0) zai nuna #NOMBRE!, haka ma idan gidan fanko ne, domin Excel yana ɗaukar fanko a matsayin sifili. Fara rarrabewa: sifili na gaske ne, ko dai ba a tambayi mutumin ba? Na biyun ba sifili ba ne, giɓi ne, a cire shi.

Ga sifili na gaske, abin da kowa ke yi shi ne ƙara 1 a kan kowace lamba kafin logaritim. Allon ya daina kuka, amma dubi abin da ya faru. Idan da jika ka rubuta, mai sifili ya koma 0, mai jika 10 ya koma 1.04, tazararsu kusan 1. Idan da sefa ka rubuta, mai sifili yana nan a 0, mai sefa 10000 ya koma 4. Tazarar ta zama 4, alhali sauran mutanen duka, daga mafi ƙanƙanta zuwa mafi girma, tazarar da ba ta kai 2 ba suka mamaye. Mutum ɗaya ya koma doguwar wutsiya a hagu, ya ja matsakaici ƙasa, ya kumbura ma'aunin warwatsuwa. Alƙaluma ɗaya, amsa biyu, don kawai an canza jika zuwa sefa. Logaritim tsantsa ba ya damuwa da wannan canjin, ƙarin 1 ne ya kawo matsalar.

Abin da ya fi tsafta shi ne raba tambayar biyu. Kashi nawa ne ba su sayar da komai ba? Faɗi wannan shi kaɗai. Cikin waɗanda suka sayar, nawa suka samu? A nan ne logaritim ke aiki. Idan dole sai an ƙara wani abu, a zaɓi lambar da ta yi daidai da girman alƙaluman, misali rabin mafi ƙanƙantar lambar da ba sifili ba, wato 5 a jerinmu, sannan a sake lissafin da 2 da kuma 10 a ga ko sakamakon ya tsaya. In ya yi ta tsalle, lambar da ka zaɓa ce ke magana, ba manoman ba.

Riba kuwa, wadda aka cire kuɗin iri da taki da man injin ban-ruwa, tana iya zama asara, ƙasa da sifili. Ba a ɗaukar logaritim ɗinta. Ɗauki na ciniki daban, na kashewa daban, ko ka raba ciniki da kashewa ka ɗauki logaritim na abin da ya fito: sama da sifili riba, ƙasa da sifili asara. Haka nan idan wutsiyar a hagu take tun asali, kamar kason irin da ya tsiro, inda yawanci ke kusa da ɗari kaɗan ne suka faɗi ƙasa, logaritim ƙara miƙa wutsiyar zai yi.

Idan tudu biyu suka fito

Wani lokaci bayan logaritim zanen sanduna ya nuna tozo biyu maimakon ɗaya. Ma'aunin karkata yana iya zama kusa da sifili duk da haka, shi ya sa ba a dogara da shi ba tare da zane ba. Tozo biyu na nufin jama'a iri biyu aka zuba a jeri ɗaya: ƙananan manoma da dillalan da ke lodin manyan motoci zuwa Gana ko Kodebuwa, ko masu sayarwa a bakin gona da masu ajiya. Matsakaicin ninki zai faɗa a kwarin da ke tsakaninsu, inda ba kowa. A raba su, a yi wa kowane nasa lissafi.

Kafin ka yanke cewa jama'a biyu ce, auna tazarar da ke tsakanin tozon biyu. A kasuwa da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya sefa biyar, kuma manomi da dala zai ba da amsa. Idan ya ce "ɗari", dala ɗari yake nufi, sefa 500. Mai tambaya ɗaya ya mayar da amsoshi sefa kafin ya rubuta, wani ya rubuta yadda ya ji. A jerin asali wannan kuskuren yana ɓuya cikin cunkoson ƙananan lambobi, ba ka ganinsa. A jerin LOG10 kuwa duk takardun mai tambaya na biyu za su sauka da 0.70 cif, tunda logaritim na 5 ke nan. Idan dala aka rikita da jika tazarar 2.30 ce, domin jika dala 200 ce. Idan jika aka rikita da sefa, 3 ce. Lissafa matsakaicin jerin B na kowane mai tambaya daban. Wanda nasa ya sauka ƙasa da na sauran da kusan 0.7, ɗauko takardunsa na asali ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka ninka waɗanda aka rubuta da dala sau biyar a jerin A, sannan ka sake jan LOG10 daga B2.